Gwajin saurin intanet ya ce lafiya lau, me ya sa kira ke tsinkewa?

A ce wani gida suna biyan kuɗin layin intanet da kamfani ya ce zai ba su 50 Mbps na saukewa da 5 Mbps na ɗorawa. Kullum da dare kiran bidiyo sai ya riƙa sarƙewa, murya ta zo a gutsure, fuskar wanda ake magana da shi ta daskare a allo. Maigida ya buɗe Speedtest a wayarsa ya danna GO, bayan 'yan daƙiƙu sakamako ya fito: Download 46, Upload 4.8, Ping 18. A ƙarƙashinsu kuma akwai wasu ƙananan lambobi biyu da ido ba ya cika sauka a kansu, ɗaya 95 kusa da kibiya mai kallon ƙasa, ɗaya 640 kusa da kibiya mai kallon sama. Ya duba 46 ɗin nan ya ce ai layi ƙalau yake, ƙila wayar ce ta tsufa.

Wayar ba ta da laifi. Amsar tana kan allon, a lambar da bai karanta ba. Amma kafin a kai gare ta sai an bi manyan ukun tukuna, don kowacce abu daban take aunawa, kuma babu wadda za ta iya tsayawa a madadin 'yar'uwarta.

Download shi ne yawan datar da ke iya shigowa daga waje zuwa na'urarka a cikin daƙiƙa ɗaya. Ma'auninsa Mbps, wato megabit a daƙiƙa, kuma a nan ne rikicin farko yake. Girman fayil da megabait ake faɗarsa, MB mai babban harafi, alhali saurin layi da megabit ake faɗa, mai ƙaramin harafi. Bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Don haka 46 Mbps in aka raba da takwas, megabait 5.75 ne a daƙiƙa. Wanda ya ga burauzarsa tana nuna 5.7 MB/s lokacin da yake sauke fayil, ya ɗauka kamfani ya cuce shi, to ba a cuce shi ba, abin da ya saya ne yake gani da wani ma'auni. Fayil mai gigabait ɗaya a wannan layin zai sauka cikin kusan minti uku.

To ina ragowar huɗun, tunda 50 aka biya? Data ba ta tafiya tsirara. Ana yanyanka ta ƙanana ƙanana, kowane fakiti da rubutun adireshi da lambar jeri a kansa, kuma wannan rubutun ma yana cin wuri a layin, amma gwajin ba ya lissafa shi cikin abin da ya iso. Kashi biyar ko shida cikin ɗari kan tafi ta nan. Samun 46 ko 47 a layin 50 cikakken sakamako ne. Wannan lissafin yana da wani amfani ma: in layinka na 200 ne ko 300 amma duk gwajin da ka yi da kebul sai ya tsaya cak a 94 ko 95, ba kamfani ne ya rage maka ba. Akwai wata kafar jona kebul a hanya, a rauta ko a kwamfuta, wadda iyakarta 100 Mbps, ko kuma kebul ɗin ya lalace har na'urorin suka koma wannan matakin. Kafa mai gigabit ɗaya ita kuma a wajen 940 take tsayawa. Lambar da ta ƙi motsi komai dare komai rana, alamar iyakar kayan aiki ce. Cunkoso ba ya zama wuri ɗaya, hawa da sauka yake yi.

Shin 46 ya ishi gida? Netflix na ba da shawarar 5 Mbps don hoto mai 1080p, da 15 Mbps don 4K. Kiran bidiyo mai hoto garau ba ya wuce uku zuwa huɗu. Mutum biyu na kallon fim mai 1080p, ɗaya na kira, duka ba su ci sulusin layin ba. Wannan gidan ba shi da ƙarancin saukewa ko kaɗan, kuma da za su ƙara kuɗi a mai da su 100, ba abin da zai canja a kiran nan. Ina faɗin haka da wuri ne domin shi ne matakin da mutane suka fi saurin ɗauka, kuma shi ne mafi tsada.

Upload kishiyar wancan ne, abin da ke fita daga wajenka. Yawancin layukan gida an gina su ne a karkace, saukewa da faɗi, ɗorawa a matse, bisa tunanin cewa mutanen gida karɓa suka fi yi. Layukan tsohuwar wayar tarho da na kebul ɗin talabijin da na turken sadarwar salula duk haka suke, faiba ce kawai ake yawan samunta da ɓangarori biyu daidai wa daida. Saboda haka 4.8 kusa da 46 ba alamar lalacewa ba ce. Sai dai rayuwar gida ta yau ta cika da abubuwan da ke tura data waje ba tare da an umarce su ba. Waya da zarar ta shiga waifai an kuma jona ta a caji, sai ta fara kwashe hotuna da bidiyon yini tana kai su ma'ajiyar intanet. Kyamarar tsaro tana turawa dare da rana. Wani ya aika bidiyon minti biyar ga abokinsa.

Mu ɗauki bidiyo mai megabait 300. In aka ninka da takwas ya zama megabit 2,400. A raba da 4.8, ya ba da daƙiƙa 500, wato minti takwas da daƙiƙa ashirin. Tsawon wannan lokacin ƙofar fita ta gidan a cike take maƙil. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ping ba ya auna yawa, lokaci yake aunawa. Na'urarka ta aika ɗan ƙaramin saƙo zuwa sabar gwajin, sabar ta maido shi, a ƙirga tsawon zuwa da dawowar da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A nan ƙaramar lamba ce mai kyau. Wani ɓangare na wannan lokacin ba mai iya taɓa shi, domin haske a cikin faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 ne a daƙiƙa, ke nan duk kilomita 100 na nisa na ƙara milisakan ɗaya a zuwa da dawowa. Sabar da ke nisan kilomita 5,000 ba za ta taɓa amsawa ƙasa da milisakan 50 ba, kuma da yake kebul ba ya bin miƙaƙƙen layi, a zahiri abin ya fi haka. Tauraron ɗan adam da ke tsaye a tsayin kilomita 35,786 sai saƙo ya hau ya sauka a zuwa, ya sake hawa ya sauka a dawowa, shi ya sa masu irin wannan layin suke ganin 600 ko kusa da haka ko da komai na aiki daidai.

Abin lura shi ne manhajar gwaji da kanta take zaɓo sabar da ta fi kusa, sau da yawa ma wadda ke cikin gidan kamfanin da ya sayar maka da layin. Ashe 18 ɗin nan amsar tambaya ɗaya ce tak: tsakanina da bakin ƙofar kamfanina, lokacin da ba kowa a layi, nawa ne? Ba ta ce komai a kan sabar wasan da yaro ke bugawa ba, wadda ƙila tana wata nahiya. Mai son sanin wancan sai ya danna Change Server ya zaɓi gari mai nisa ya ga yadda lambar za ta tashi.

Sai ƙananan lambobin nan biyu. Su ma ping ne, amma an auna su ne a daidai lokacin da gwajin ke cika layin: 95 yayin da ake saukewa, 640 yayin da ake ɗorawa. Speedtest yana nuna su a jere da na farkon, Fast.com kuma in ka danna Show more info za ka gan su da sunan Unloaded da Loaded. Ping na layin da ba kowa a kansa kusan kullum kyakkyawa ne, amma ba a irin wannan lokacin ake amfani da intanet a gida ba. Wanda aka auna layi na cike shi ne ke faɗin abin da mai kira zai fuskanta da ƙarfe tara na dare.

Me ke mai da 18 ya zama 640? A cikin gida waifai na kwaso data daga waya da saurin da ya ninka na layin fita sau goma ko fiye. Ta iso rauta ko modem, ta tarar da mafita mai 4.8 kacal. Na'urar ba ta zubar da rarar, tana da ma'ajiya inda take jera fakitoci su jira. Kamar mazurari ne: ka tuttula ruwa fiye da abin da wuyansa ke iya wucewa da shi, ruwan ya taru a sama, duk ɗigon da ya zo daga baya sai wanda ke gabansa ya gama sauka. Ana ma iya gane girman ma'ajiyar daga sakamakon. Ƙarin jiran milisakan 620 ne, a ninka 0.62 da 4.8, ya ba da kusan megabit uku, wato wajen kilobait 370 na data a tsaye a layi. Ba wani abu mai yawa ba ne, hoto ɗaya ma ya fi shi nauyi, amma a matsatsiyar hanya ya isa ya cinye fiye da rabin daƙiƙa.

Dalilin da ya sa ma'ajiyar ba ta raguwa shi ne yadda TCP, tsarin da yawancin ɗora fayil ke bi, yake gano iyakar hanya. Mai aikawa yana ta ƙara sauri har sai ya ga fakiti ya ɓace, sannan ya ja baya. Ɓacewar fakiti ita ce alamar da ke gaya masa ya isa haka. In ma'ajiya babba ce, ba abin da zai ɓace sai ta cika ta batse, don haka mai aikawa zai cika ta, ya ɗan sassauta, ya sake cika ta, haka har fayil ya ƙare. Masu ƙera na'urori sun sa manyan ma'ajiyoyi ne da kyakkyawar niyya, don kada data ta zube, sai maganin ya zama cuta. Injiniya Jim Gettys ne ya fito da matsalar fili a shekarar 2010, ya raɗa mata sunan da za ka ci karo da shi a shafukan gwaji, bufferbloat.

A haɗa wannan da bidiyon nan mai megabait 300. Wayar ɗiyar gidan ta fara ɗora shi, na tsawon minti takwas da 'yan kai ma'ajiyar a cike take. Muryar maigida, wadda ba ta buƙatar ko kashi ɗaya cikin goma na megabit, dole ta bi bayan wannan jerin. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa magana tana tafiya yadda ya kamata ne in jinkirin zuwa kaɗai bai wuce milisakan 150 ba. A nan ya haura 600. Sakamakon shi ne abin da kowa ya sani: ka yi shiru kana jira, shi ma ya yi shiru, sai ku fara magana tare, ku sake yin shiru tare. Kuma da yake ma'ajiyar cika take tana raguwa, jinkirin ba ya tsayawa a lamba ɗaya, wani fakiti ya yi 200 wani ya yi 700. Wannan tangal-tangal ɗin shi ake rubutawa Jitter a sakamako. Manhajar kira tana iya jure jinkiri tsayayye, amma fakitin da ya iso bayan lokacin furta shi ya wuce sai dai ta yar da shi, a nan ne kalmomi ke gutsurewa.

Har wanda ba ya kira ma abin na taɓa shi. Kafin shafi ya fara buɗewa, sai burauza ta tambayi adireshin, ta ƙulla haɗi, ta yi musayar makullan tsaro, sannan ta nemi shafin: zuwa da dawowa kusan huɗu ke nan. A kan milisakan 18, duka ba su kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. A kan 640, daƙiƙa biyu da rabi ne mutum na kallon farin allo kafin harafi ɗaya ya fito. Sannan duk mai saukewa sai ya riƙa aika 'yan saƙonnin tabbatar da cewa abu ya iso, su ma ta wannan cunkusasshiyar mafitar za su bi, don haka cikar ɓangaren ɗorawa kan ja saukewa ƙasa. Fim ne kawai ba ya nuna alama sosai, saboda manhajar kallo tana tara daƙiƙu masu yawa a gaba. Shi ya sa ake samun gardama a gida, mai kallo ya ce intanet lafiya, mai kira ya ce ya mutu, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

Kafin a yanke hukunci sai an tabbatar ba waifai ne ke wasa da lambobin ba, domin gwajin da aka yi a waya hanya biyu yake aunawa a haɗe, daga waya zuwa rauta, da daga rauta zuwa waje, kuma wadda ta fi rauni ita ce za ta bayyana. Zangon 2.4 GHz yana ratsa bango amma a cunkushe yake da rautocin maƙwabta, na 5 GHz ya fi sauri amma ba ya nisa. Hanya mafi tsabta ita ce a jona kwamfuta da kebul, a kashe VPN in akwai, a buɗe taga biyu ta rubuta umarni, wato Command Prompt ko Terminal. A ta farko a aika wa rautar kanta, a ta biyu a aika waje:

```
ping -n 60 192.168.1.1
ping -n 60 8.8.8.8
```

Wannan na Windows ne, a Linux ko Mac sai a sa `-c` a madadin `-n`, kuma adireshin rauta na iya bambanta, galibi yana rubuce a jikinta. Suna cikin tafiya sai a fara ɗora wani babban fayil, a zuba ido. In ta farkon ta zauna a milisakan ɗaya ko biyu, ta biyun kuma ta tashi daga wajen 20 zuwa ɗaruruwa, sannan ta faɗo da zarar an tsayar da ɗorawar, to jerin gwanon a mafita yake. In an maimaita a kan waifai aka ga ita ma ta farkon tana tsalle zuwa 80 ko 200, to akwai wata matsalar tun cikin gida, kuma kiran kamfani ba zai warware ta ba. Matsar da rauta ko sauya zango ne aikin. A duba kuma taƙaitaccen bayanin da umarnin ke bugawa a ƙarshe, inda yake faɗin kashi nawa ya ɓace. In layi ba kowa a kansa, ta kebul, amma kashi biyu ko uku na ɓacewa a kai a kai, wannan ya fi kama da lalacewar waya ko raunin sigina, kuma shi ne irin ƙorafin da ya dace a kai wa kamfani.

Akwai yanayi na uku da ake rikita shi da wannan. In da asuba gwaji na ba da 46, da dare kuma 12, alhali an cire kowa daga rauta sai na'ura ɗaya, har ping na zaman banza ma ya ɗaga, to cunkoson a wajen kamfani yake, inda unguwa guda ke raba hanya ɗaya ko turke ɗaya. Gwaji ɗaya ba zai nuna wannan ba, sai an yi a lokuta daban daban na 'yan kwanaki, da sabar iri ɗaya. Mai sayen data da awo ya yi hattara, gwajin ba kyauta ba ne: daƙiƙa 15 na saukewa a kan 46 Mbps ya haura megabait 80, kuma iya saurin layi iya abin da zai ci.

Maganin matsalar gidan nan kuwa yana da ɗan ban mamaki, domin rage sauri ne. Rautoci da dama suna da sashe mai suna SQM ko Smart Queue, wasu kuma sun sa shi ƙarƙashin QoS, a kan rautar da aka sa wa manhajar OpenWrt za a tarar da zaɓin fq_codel ko cake. Ana rubuta masa iyakar da ta ɗan gaza ainihin saurin layin, kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari, misali 4.4 na ɗorawa da 43 na saukewa. Da yake rautar ba ta ƙara tura wa modem fiye da abin da zai iya fitarwa, ma'ajiyar modem ba ta sake cika, jerin ya dawo hannun rauta. Ita kuma sai ta raba shi, kowane haɗi da nasa layin, ta riƙa ɗiba bi da bi, ta yar da fakiti da wuri daga mai yawan turawa don ya sassauta. Muryar mai kira ba ta ƙara jiran bidiyon kowa. In aka sake gwaji, manyan lambobin za su ɗan ragu, bidiyon nan zai ɗauki minti tara maimakon takwas da ɗoriya, amma 640 ɗin ya kamata ya faɗo kusa da ping na zaman banza, 'yan gomomi kawai.

Wannan dabarar tana da iyaka. Tana aiki sosai a layin da saurinsa tsayayye ne. A rautar da ke amfani da layin salula, inda ɗorawa kan zama 8 yanzu ta koma 2 bayan minti goma, duk iyakar da ka rubuta ko ta yi yawa ko ta yi kaɗan, sai dai a zaɓi lambar da ta dace da mummunan lokaci a haƙura da asarar. Ƙaramar rauta mai rauni kuma ba lallai ta iya wannan aikin a layi mai ɗaruruwan megabit ba. Inda babu SQM sam, sauran abin yi shi ne a bi ta kan masu cika layin: a sa wa manhajar ajiya ta kwamfuta iyakar ɗorawa, a rage ingancin hoton kyamarar tsaro, a dakatar da kwashe hotunan waya lokacin da ake da kira mai muhimmanci.

Ƙarin kuɗi fa? In sabon tsarin 100 ne da 5, an ninka abin da ba a rasa ba, an bar mafitar yadda take. In 100 ne da 10, ma'ajiyar nan mai kilobait 370 za ta zube cikin rabin lokaci, jiran ya koma wajen milisakan 330, bidiyon kuma ya gama cikin minti huɗu. An samu sauƙi, amma 330 har yanzu ya fi ƙarfin hira. Don haka wanda zai sauya tsari, lambar ɗorawa ya kamata ya fara tambaya, wadda galibi ba a rubuta ta da manyan haruffa a talla ba, ya kuma duba ko rautar da za a ba shi tana da SQM.